Mudun da Ba a Nuna wa Mai Saye

A daren ƙarshe na wata tafiya da na yi Madina, na tsaya gaban teburin karɓar baƙi na wani otal domin in biya kuɗin ɗaki. Lissafin ya tashi riyal 3,000 cif. Na miƙa katin asusuna na dala, ma'aikacin ya zura shi a na'ura, ya juyo mini da fuskarta. Ga abin da na gani:

```
SAR 3,000.00
USD 848.00
1 USD = 3.5377 SAR
```

Na'urar tambayata take yi: da riyal zan biya ko da dala? Asusuna na dala ne, don haka zuciyata ta karkata ga dalar, tunda ita na sani kuma ita za a cire. Abin da ya tsayar da yatsana shi ne wani adadi ɗaya da ya zauna mini a ka tun da daɗewa. Tun shekarar 1986 Saudiyya ta ɗaure riyal da dala a kan riyal 3.75 kowace dala ɗaya, kuma har yau a nan yake. Riyal 3,000 a kan wannan farashi dala 800 ne. Na'urar kuwa 848 take nema. Dala 48 ke nan, kashi shida cikin ɗari, a kan aikin da bai wuce danna maɓalli ba. Na zaɓi riyal. Bayan kwana biyu bankina ya cire dala 820, wato dala 800 ɗin da kashi biyu da rabi na la'adarsa. Dala 28 suka tsira a aljihuna saboda na tuna adadi ɗaya.

Ban kawo wannan labari don in yabi wayona ba. Na kawo shi ne domin a layin da nake akwai mutane da yawa, masu ilimi da mukamai, kuma na tabbata yawancinsu dalar za su danna, su koma gida ba su san an yanke su ba. Matsayina a wannan rubutu a fili yake. Bambancin da ke tsakanin farashin da aka rubuta da kuɗin da aka cire maka yana da dalilai, wasunsu halal ne na kasuwa. Amma ɓoye ribar canji a cikin farashin canjin, yadda mai saye ba zai iya ganinta ba sai ya ɗauki alƙalami, tauye mudu ne, kuma bai kamata mu ci gaba da karɓarsa a matsayin al'adar zamani ba.

Dala ba ta da farashi ɗaya

Tushen ruɗanin shi ne muna magana kamar dala tana da farashi guda a kowace rana. Wanda ya taɓa shiga Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja ya san ba haka ba ne. Ɗan canji yana da farashi biyu a bakinsa: wanda yake saye da wanda yake sayarwa. Idan ka kawo masa dala zai karɓa a ƙasa, idan ka zo nema zai ba ka a sama, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ita ce abincinsa. Adadin da kake gani idan ka bincika a waya yawanci na tsakiya ne, wato tsakanin na saye da na sayarwa a manyan kasuwannin bankuna. Ma'auni ne mai amfani, amma babu mai sayar wa ɗaiɗaikun mutane dala a kansa.

Idan ka biya da kati a kan kayan da aka yi wa kuɗi da wani kuɗin waje, ɗan canjin nan yana nan, sai dai ba ka ganinsa. Kuɗinka yana ratsa hannu huɗu: mai kaya, bankin mai kaya, kamfanin katin kamar Visa ko Mastercard, sai bankinka da ya ba ka katin. A wani wuri cikin wannan jeri dole wani ya canza kuɗin. A bisa al'ada kamfanin katin ne yake sa farashin ranar, wanda ba ya yin nisa sosai da na tsakiya, sannan bankinka ya ɗora nasa. Ga katin naira kuma, bankin da zai samo dalar da zai biya kamfanin katin shi ne yake yanke nairar da zai cire maka a kan kowace dala.

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki. Adadin na misali ne, amma tsarin haka yake. Wata likita tana biyan dala 20 duk wata domin wata manhajar aikinta. Ta duba waya ta ga dala a naira 1,500, ta lissafa 30,000. Saƙon banki ya shigo da 33,540. Ina 3,540 suka fito?

Kashi na farko ba shi da alaƙa da canji ko kaɗan. Haraji ne. Tun watan Fabrairun 2020 harajin sayen kaya da ayyuka a Najeriya, wanda ake rubuta wa VAT a rasit, ya koma kashi bakwai da rabi cikin ɗari, kuma daga 2022 aka ɗora wa manyan kamfanonin waje masu sayar da ayyuka ta intanet nauyin karɓarsa daga masu saye a Najeriya. Yawancin farashin da ake tallatawa da dala ba a haɗa shi da haraji ba, sai a shafin biya yake fitowa. Don haka dala 20 ta zama 21.50. Dala ɗaya da rabi a kan 1,500 naira 2,250 ne.

Kashi na biyu shi ne canjin. Bankinta bai yi lissafi da 1,500 ba, ya yi da 1,560. Naira 60 a kan kowace dala, sau 21.50, ya ba da 1,290. Idan aka haɗa 30,000 da 2,250 da 1,290, an sami 33,540 daidai.

Yanzu a lura da bambancin waɗannan biyun. Harajin yana da suna, yana da layi a rasit, kuma kowa zai iya duba ko kashi bakwai da rabi aka cire. Naira 1,290 ɗin kuwa ba ta da layi a ko'ina. Saƙon bankin adadi ɗaya ya kawo. Likitar ba za ta san an ɗora mata kashi huɗu cikin ɗari ba sai ta raba 33,540 da 21.50, ta sami 1,560, ta kwatanta da farashin ranar. Ba na cewa banki ya yi aiki kyauta. Abin da nake tambaya shi ne, me ya sa aka iya rubuta harajin gwamnati a fili, aka kasa rubuta la'adar banki?

Ranar da ka saya da ranar da aka biya

Akwai dalili na uku, kuma shi a ganina babu laifin kowa a cikinsa, sai dai ya kamata a san shi. Biyan kuɗi da kati mataki biyu ne. A lokacin da ka danna, mai kaya yana tambayar bankinka ko akwai kuɗin, banki ya ce akwai, ya riƙe kimanin adadin. Wannan riƙewa ce kawai. Biyan na gaskiya yana zuwa ne bayan kwana ɗaya, biyu ko uku, lokacin da mai kaya ya miƙa lissafinsa aka daidaita tsakanin bankuna. A lokuta da yawa farashin canjin wannan rana ta biyu ne yake aiki.

Ga kuɗin da ba ya motsi kamar riyal da dala, wannan ba komai ba ne. Ga naira kuwa labarin daban ne. Kafin tsakiyar Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji wuri ɗaya, dala a hukumance tana wajen naira 460. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,400. A irin waɗannan watanni, kwana biyu sun isa su canza lissafi. Wanda ya biya kuɗin jarrabawa dala 500 ranar Juma'a dala tana 1,500, aka daidaita ranar Litinin tana 1,530, zai ga an ƙara cire masa naira 15,000 bayan ya ɗauka an gama. Da nairar ta ƙara daraja a tsakanin, da an mayar masa da wani abu. Iska ce, tana kaɗawa ta kowane ɓangare.

Wurin da wannan ya fi ciwo shi ne mayar da kaya. Ka sayi abu na dala 100, banki ya sayar maka da dalar a 1,560, aka cire 156,000. Kayan bai yi ba, mai kaya ya mayar da dala 100 ɗinsa cif, bai rage ko sisi ba. Amma yanzu kai ne mai kawo dala, don haka banki yana iya karɓarta a farashin saye, a ce 1,490. Naira 149,000 suka dawo. Ka yi asarar 7,000 a kan kayan da ba ya hannunka, kuma idan ka kira mai kayan zai nuna maka rasit da ke tabbatar da gaskiyarsa. Tazarar ɗan canji ka biya, shiga da fita.

Tarkon da aka yi wa ado da kara

Mu koma teburin otal ɗin, domin a nan ne hujjata ta fi ƙarfi. Abin da na'urar ta yi mini tayi yana da suna, kuma a wasu rasit ana ganin haruffan DCC. Ma'anarsa a sauƙaƙe: maimakon a bar kamfanin kati da bankinka su yi canjin, ɓangaren mai kaya ne zai yi shi nan take, da farashin da shi ya zaɓa. Na'urar tana gane ƙasa da kuɗin katinka daga lambobinsa na farko, sai ta nuna maka adadin da kuɗin da ka saba da shi. Haka ake yi a injin cirar kuɗi na filayen jirgin sama, haka ake yi a shafukan sayen tikiti da na otal.

Ribar da aka ɗora a farashin ana raba ta tsakanin kamfanin da ya samar da tsarin, da bankin mai kaya, da shi mai kayan. Wannan shi ne abin da ya kamata kowa ya riƙe. Otal ɗin da ke tambayarka wane kuɗi ka fi so yana da kaso a amsar ɗaya, ba shi da komai a ɗayar. Dillali ne da ke ba ka shawara alhali la'adarsa tana gefe guda, kuma bai faɗa maka ba.

Akwai ƙarin gishiri a kan ciwon. Mutum yana ɗauka idan ya zaɓi dala ya kuɓuta daga la'adar bankinsa, tunda babu sauran canji. Amma bankuna da yawa suna cajin ne a kan cewa cinikin a ƙasar waje aka yi, ko da wane kuɗi aka rubuta shi. Da na danna dala a daren nan, kuma bankina na cikin irin waɗannan, da kashi biyu da rabin ya hau kan 848, ya zama dala 869 da 'yan kai. Biyu babu ke nan: na biya ɗan canjin otal, na kuma biya na banki.

Mai katin naira kuma nasa ya fi tsawo. Babu wata babbar kasuwa da ake musayar riyal da naira kai tsaye, don haka kuɗin yakan bi ta dala: riyal ya koma dala, dala ta koma naira. Kowace gada tana da mai karɓar kuɗin fito. Idan na'urar otal ta ɗora kashi shida a gadar farko, banki ya ɗora kashi huɗu a ta biyu, na biyun yana hawa kan na farkon ne, jimla ta ɗan haura kashi goma. Wanda ya kashe kwatankwacin naira miliyan uku a tafiyar iyali ta wannan hanya, sama da naira 300,000 sun tafi ba tare da ya ci ko ya sha ko ya kwana a kansu ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne lafazin da ake amfani da shi. Za ka ga an rubuta cewa babu kamasho. A zahirin kalma gaskiya ne, domin babu wani layi mai suna kamasho. An narkar da shi ne a cikin farashin. Mai hatsin da ya ce ba ya karɓar la'ada, amma ya bubbuga gindin mudunsa ya shige ciki, me za mu kira shi a Dawanau?

Abin da masu kare tsarin suke cewa

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, kuma suna da hujjoji uku da suka cancanci amsa.

Ta farko: tsarin yana ba ka tabbas. Ka ga adadin da kuɗinka, ka san shi za a cire, babu fargabar abin da zai faru kafin ranar daidaitawa. Wannan gaskiya ne, kuma tabbas abu ne mai daraja. Amma sai a tambayi nawa ne kuɗinsa, kuma daga wane haɗari yake kare ka. Riyal bai gusa daga 3.75 a hukumance ba shekara kusan arba'in. Dirhamin Daular Larabawa yana kan 3.6725 tun 1997. Sefar Nijar tana ɗaure da yuro a kan 655.957. Idan ɗan kasuwa daga Maraɗi ya biya yuro 100 a Faris, lissafinsa sefa 65,596 ne yau, haka gobe, haka jibi. Idan na'ura ta nuna masa 69,000, an sayar masa da lema ne a ranar da babu hadari, kuma da tsada. Ko tsakanin manyan kuɗaɗen da ke motsi, kamar dala da fam, da wuya ƙwarai kwana biyu su kawo sauyin kashi shida. Kariyar ta fi haɗarin tsada nesa ba kusa ba.

Ta biyu: babu wanda aka tilasta, zaɓi aka ba ka. Dokokin Visa da Mastercard ma sun wajabta a ba mai kati zaɓi, a nuna masa farashin canjin, kuma kada a zaɓa masa. Na yarda dokar tana nan. Amma a duba yadda zaɓin yake zuwa. Mutum ya gaji, layi na bayansa, rubutun da yaren da ba nasa ba, ma'aikaci yana jira. An nuna masa 3.5377. Wannan adadi shi kaɗai ba ya faɗa masa komai, sai idan ya san na gaskiya 3.75 ne. Nuna farashi ba tare da ma'aunin da za a gwada shi ba cika sharaɗi ne a takarda kawai. Wani lokaci ma ma'aikacin ne yake dannawa kafin ya miƙo na'urar. Cinikin biri a sama ne aka yi masa rasit.

Ta uku ta bankunanmu ce: samun dala a Najeriya yana da wuya da tsada, kuma banki yana ɗaukar haɗari tsakanin ranar da ya cire naira da ranar da zai biya dala. Wannan hujja tana da nauyi. Duk mun ga shekarun da bankuna suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 100 a wata, daga baya 20, har yawancinsu suka rufe gaba ɗaya. Wanda ya rayu a wannan lokacin ya san samun katin da ke aiki ma ni'ima ce. Ban musa wa banki ribarsa ba. Kashi huɗu yana iya zama daidai a wata rana, yana iya zama zalunci a wata. Amma wahalar samun dala hujja ce ta ɗora riba, ba ta kai ta zama hujjar ɓoye ta ba. Idan ribar ta dace, faɗinta ba zai cutar da kowa ba. Wanda yake tsoron a ga mudunsa shi ya san abin da ya yi masa.

Abin da ya kamata a yi

Ba wani sabon abu nake nema ba. Tarayyar Turai ta riga ta yi. Dokarta mai lamba 2019/518 ta wajabta, daga Afrilun 2020, cewa duk mai yi wa masu kati canji a na'urar shago ko injin cirar kuɗi ya bayyana abin da ya ɗora a matsayin kaso cikin ɗari a kan farashin da Babban Bankin Turai yake fitarwa, kuma bankin mai katin ma ya bayyana nasa da irin wannan ma'auni. Hikimar tana cikin ma'aunin guda ɗaya. Idan na'ura ta ce kashi shida, banki ya ce kashi biyu da rabi, ko wanda bai iya lissafi ba ya san wanne ya fi sauƙi.

Muna da duk kayan aikin yin haka. Babban Bankin Najeriya yana wallafa farashin canji a kowace ranar aiki. Yana da ƙa'idojin kare masu hulɗa da bankuna, yana kuma da jadawalin kuɗaɗen da aka yarda banki ya caja. Abin da ya rage layi ɗaya ne a saƙon da ake turo mana: an cire dala kaza, a kan naira kaza, wato kashi kaza sama da farashin babban banki na yau. Bankin da ke iya turo mini saƙon murnar zagayowar ranar haihuwata ba zai ce wannan layin ya fi ƙarfin na'urorinsa ba. Ranar da aka tilasta shi, bankuna za su fara gasa a kan adadin, domin za mu iya ajiye saƙonni biyu gefe da gefe mu kwatanta. A yanzu babu gasa a wannan fage, saboda mai saye ba ya ganin abin da ake gasar a kansa.

Babban bankinmu ba shi da iko da na'urar otal a Madina ko Dubai. A can sai dai mu kare kanmu, kuma hanyar ba ta da wuya.

Idan na'ura ko shafi ya ba ka zaɓi, ka biya da kuɗin da aka yi wa kayan farashi tun asali: riyal a Saudiyya, fam a Birtaniya, yuro a Faransa. Kafin ka yi tafiya ka riƙe adadi ɗaya a ka, farashin kuɗin ƙasar da kuɗin katinka, domin shi ne mudunka. Ka duba rasit kafin ka bar wurin. Idan ka ga kuɗi iri biyu da farashin canji a jikinsa alhali ba kai ka zaɓa ba, ka ce a soke a sake, kuma idan aka ƙi, ka ajiye rasit ɗin ka shigar da ƙorafi ta bankinka, domin dokokin kamfanonin katin sun ba ka wannan dama.

Bayan an cire kuɗi kuma, lissafi biyu ne kacal:

```
farashin da aka yi maka = abin da aka cire ÷ kuɗin kaya (da haraji)
kason da aka ɗora = (farashin da aka yi maka ÷ farashin ranar − 1) × 100
```

Ga likitarmu, 33,540 ÷ 21.50 ya ba da 1,560, sannan 1,560 ÷ 1,500 ya ba da 1.04, wato kashi huɗu. Visa da Mastercard duka suna da shafin lissafin canji a bainar jama'a, inda za ka sa rana da kuɗin ka ga farashinsu na wannan ranar. Abin da ya haura wannan, na bankinka ne. Ka yi wannan lissafi sau biyu ko uku a kan kowane kati da kake riƙe da shi, za ka san wanne ne ya kamata ya fita waje da kai, wanne ne ya kamata ya zauna a gida.

Akwai abin da ya shafe mu mu kanmu, kuma ba zan tsallake shi ba. Mu ne za mu tsaya a Wapa mu yi minti goma muna jayayya da ɗan canji a kan naira biyar, mu bar rumfarsa mu je ta gaba idan bai sauko ba. Mu ɗin ne kuma za mu miƙa naira sittin a kan kowace dala ba tare da tambaya ba, saboda wannan karon na'ura ce ta faɗa, cikin lambobi masu tsafta, a ƙarƙashin tambarin banki. Ɗan canjin Wapa ya fi na'urar gaskiya a abu ɗaya: yana faɗin farashinsa kafin ka miƙa kuɗi, kuma ya san za ka iya juyawa ka tafi. Abin da nake nema daga banki da otal da shafin sayen tikiti bai wuce wannan ba.

Daga dawowata Madina na rubuta wa bankina wasiƙa, na tambaye su kashi nawa suke ɗorawa a kan farashin kamfanin kati, kuma a ina aka rubuta shi. Amsar ta ɗauki mako biyu, ta zo da adadin, kashi biyu da rabi, daidai da abin da na lissafa da kaina. Ke nan sun san shi tun farko, kuma rubuta shi bai ɗauke su fiye da layi ɗaya ba. Ina roƙon mai karatu ya aika wa nasa bankin irin wannan tambaya a wannan makon, ya ajiye amsar, ya gwada ta da saƙon cire kuɗi na gaba.